Yadda Ake Rubuta Gajeren Labarin Yaron da Ake Tsokana Saboda Sunansa

Tun da na karanta wa ɗalibaina wani ɗan labari na yaro mai suna Ajuji, malamai da matasan marubuta a nan Maraɗi suke tare ni da tambaya iri ɗaya: ta ina ake fara irin wannan labari, kuma yaya ake yi kada ya koma wa'azi? Wasu sun kawo mini nasu na duba. Kusan dukkansu wuri guda suke tuntuɓe, wato wurin da yaron yake gano ma'anar sunan. Ga yadda nake bi, daki-daki, da labarin Ajuji a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe.

1. Zaɓi sunan kafin ka zaɓi yaron

Sunan da zai ɗauki labarin nan sai ya kasance yana da fuska biyu: wadda kunnen yaro yake ji ya yi dariya, da wadda tsohuwa take ji ta yi shiru. In babu tazara tsakanin biyun, babu labari.

Gwada sunayenmu na gargajiya da wannan ma'auni. Tanko, namijin da aka haifa bayan mata, suna ne mai ma'ana, amma ba wanda zai yi masa dariya a lakwal, don kowane aji akwai Tanko. Haka Gambo mai bin tagwaye, da Nomau na lokacin noma, da sunayen rana irin su Ɗanjuma da Balarabe. Waɗannan sun yi laushi. Cindo kuwa, mai yatsa shida, zai ja labarin ya koma kan jiki, ya bar suna.

Inda albarkar take shi ne sunayen ƴaƴan mai wabi, wato macen da take haihuwa ƴaƴan suna rasuwa tun suna ƙanana. Idan ta sake haihuwa, akan sa wa jaririn lakabin da ke nuna kamar ba a damu da shi ba, ko kuma lakabin roƙo: Ajuji, Ayashe, Bawa, Barau, Dangana. Ajuji ya fi sauran kaifi. Yaro yana jin sa zai tuna da jujin bakin unguwa inda awaki suke kiwon leda. Tsohuwa kuma ta san cewa a al'adar da, akan ɗauki jaririn a kai shi kan juji a ajiye kamar an yar, sannan wata ta je ta tsinto shi, da fatan wannan dai ya tsaya. Sunan da ya yi kama da zagi, ashe na ɗan da aka fi kowa jira ne.

Hattara: kada ka ƙirƙiro wa suna ma'anar da ba tasa ba don ta yi daɗi. Masu karatunka suna da kakanni, kuma za su tambaye su.

2. Je ka tambayi masu abin

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka zauna da tsofaffi biyu ko uku, kuma a fi samun mata a ciki. Tsohuwar ungozoma ta fi kowa sanin wannan, sai wanzami, don su ne suke kusa da jariri a makonsa na farko. Kada ka tsaya ga mutum ɗaya, saboda yadda ake yin abin ya bambanta daga gida zuwa gida. Wani gidan an kai jaririn jujin da gaske, wani gidan sunan kawai aka sa.

Kayan aikin ba su da yawa: kaye ɗaya, bik, da wayar da za ta ɗauki murya idan tsohuwar ta yarda. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na kabu-kabu zuwa da dawowa ba, da goro ko sukari na gaisuwa. Ni dai jikka biyu ta ishe ni har da canji, kuma rabinta a goron ta tafi.

Tambayoyin da suka fi fito da abin amfani su ne ƙanana. Wa ya ɗauki jaririn? Da wane lokaci, da asuba ko da hantsi? A cikin me aka sa shi, zane ko ƙwarya? Wa ta tsinto shi, kuma me ta ce da ta shigo gida? Uwar tana ina a lokacin? Amsar irin waɗannan ita ce naman labarinka. Idan ka tambayi "mene ne ma'anar Ajuji", jimla ɗaya za a ba ka a yi shiru.

Hattara: kana taɓa mutuwar ƴaƴa ne. Kada ka tunkari matar da abin ya faru da ita kai tsaye, ka nemi wadda ta gani daga gefe. Kuma duk abin da aka faɗa maka, ka canza sunaye da unguwa kafin ya shiga takarda.

3. Warware matsalar rajista

Wannan matakin ne kusan kowa yake tsallakewa, kuma mai karatu mai lura nan zai fara kama ka. Ajuji lakabi ne. Yaron yana da sunan yanka da aka raɗa masa ran suna, kwana bakwai da haihuwa. To me ya sa ba da shi ake kiransa a lakwal ba? Dole labarin ya ba da amsa, ko da a jimla biyu.

Amsar da na zaɓa daga cikin al'ada take. Sunan yankan yaron sunan kakansa ne, mijin tsohuwar da ta rene shi. Ita ce ta kai shi aka rubuta shi a makaranta, kuma ba za ta iya furta sunan mijinta ba saboda alkunya. Da aka tambaye ta sunan yaro, sai ta faɗi wanda bakinta ya saba da shi. Mai rubutu ya rubuta, da irin rubutun Faransanci ma, ya zama Ajouji a takarda, kuma abin da ya shiga takarda ya zauna. Kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an toshe ramin, an kuma shigo da kakar tun da wuri, ita da za ta warware ƙullin a ƙarshe.

4. Raba labarin fage huɗu

Gajeren labari irin wannan yana zama daidai a kalmomi 1200 zuwa 1500. Ni haka nake raba su: kiran suna a aji, kamar 300; abin da tsokanar ta sa yaron ya aikata, 300; zama da kaka, 500; komawa lakwal, 250. Mutane kada su wuce biyar masu magana: yaron, jagoran masu tsokana, mushe malamin aji, kaka, da uwa. Duka abin ya faru cikin mako guda.

Sa shi a aji huɗu ko biyar na firamare, yana da shekara goma ko sha ɗaya. Ƙasa da haka bai isa ya riƙe abu a rai har ya ɓoye shi ba. Ka kuma ba shi dalilin zama baƙo, don waɗanda suka taso da shi sun daɗe da sabawa da sunan. Ajujina daga wani ƙauye na wajen Madarunfa suka dawo cikin gari, ya shiga sabon aji a watan Oktoba da aka koma makaranta. Unguwa ɗaya ta isa, Bagalam ko Mokoyo ko Zariya, kuma ba sai ka ambaci sunan makarantar ba.

5. Rubuta tsokanar yadda yara suke yin ta

Kada ka rubuta "yara suna yi masa dariya kullum, yana baƙin ciki ƙwarai". Wannan rahoto ne. Ka nuna rana ɗaya, ka sa mu a cikin ajin. Ga yadda nawa ya buɗe:

Mushe ya kai yatsa kan layi na bakwai ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido.
"Ajuji Sani."
Ba wanda ya amsa. Daga bencin baya wani ya yi kukan akuya a hankali.
"Ajuji Sani! Ba ya nan?"
"Ga ni, Mushe."
Da aka dawo daga shan iska, ya tarar an tara masa ɓawon gyaɗa da ledar ruwa a kan tebur. Wani dogo mai suna Lawali ya ce, "Mun kawo maka kayanka, Sarkin Shara."

Lura da abubuwa biyu. Na farko, tsokanar daga cikin sunan ta fito: juji, shara, akuya. Ba a zagi uwarsa ba, ba a taɓa talaucinsu ba, don da zarar ka ƙara waɗannan, sanin ma'anar suna ba zai warkar da komai ba. Na biyu, yara da waƙa suke tsokana. Ka ƙirƙiro ƴar waƙa mai layi biyu da za a iya tafa mata, irin "Ajuji na bakin hanya, kowa ya share ya kai maka". Ka rera ta da bakinka. Idan ba ta hau tafi ba, yara ba za su rera ta ba.

Hattara: kada ka mai da Lawali shaiɗan. Yaro ne da ya samu abin ba aji dariya. Kada kuma ka sa mushe ya tsaya ya yi dogon jawabi kan illar tsokana. Ya daka tsawa, aji ya yi tsit, a ci gaba a waje. Haka abin yake faruwa.

6. Sa yaron ya yi wani abu da kansa

Yaron da yake kuka kawai yana jiran a cece shi ba ya riƙe mai karatu. Sai ya yi yunƙuri, kuma yunƙurin ya ƙara dagula lamarin. Ajuji ya goge sunansa daga bangon kayensa ya rubuta sunan yankansa. Da yamma uwarsa ta kira shi daga madafa har sau uku ya ƙi amsawa, ya ce shi ba juji ba ne, kuma duk wanda ya sa masa wannan suna ba ya ƙaunarsa. Uwar ba ta ce komai ba. Ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, tuwon ya kama.

Wannan shirun shi ne ƙugiyar labarin. Mai karatu ya ga an taɓa wani ciwo, bai san ko mene ne ba, yaron ma bai sani ba. Kada ka bayyana a nan. Kuma kada ka sa uwar ta zauna ta ba shi labari, domin macen Bahaushiya da ta binne ƴaƴa ba ta zama ta lissafa su ga ɗanta. Kara da kunya ba za su bar ta ba, kuma mai karatu ya san haka.

7. Fagen kaka

Nan ne labarin yake tashi ko ya faɗi, don haka a nan za ka fi daɗewa.

Kaka ce ta dace da faɗar maganar saboda wasan da ke tsakanin jika da kaka. Tana kiransa mijinta ko angonta, yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, kuma a cikin wannan wasa ake iya faɗin abin da uwa da uba ba za su faɗa ba. Ka fara fagen da wasan, sannan ka bar shi ya mutu a hankali. Ka ba hannunta aiki: tana ɓarar gyaɗa, ko tana tsince wake. Idan magana ta yi nauyi, hannun ya tsaya.

Babban kuskuren da nake gani shi ne a sa tsohuwa ta yi magana kamar ƙamus: "Ajuji suna ne da Hausawa suke sa wa yaron da aka haifa bayan..." Ba tsohuwar da take magana haka. Ita abin da ya faru za ta faɗa, da sunaye da lokaci. Ga nawa:

"Angona, yau ba gaisuwa?"
"Kaka, wa ya sa mani sunan nan?"
Ta ci gaba da ɓara. "Ni ce."
"Don mi?"
"Kahin kai an yi ukku. Habu ya yi wata huɗu. Mai bi mashi ko suna ba a yi ba. Ta ukkun ɗiya ce, har ta fara zama." Ta ture ƙwaryar gefe. "Da aka haihe ka, uwarka ta ƙi kallon ka. Ba ƙi ba ne, tsoro ne. Da asuba na naɗe ka a zanena na kai ka bayan gida na aje bisa juji, na ce ga shi nan, mu ba mu so. Na juya baya. Ƙafafuna rawa suke. Ban kai ga ƙofa ba gwaggonka ta sheƙo ta ɗauke ka, tana cewa ta yi tsintuwa."
"Da gaske ba ku so na?"
"Kai, wawan miji. Wanda ba a so, wa zai tsaya yi mashi wannan wahala?"

Duba yadda aka ƙirga ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya. "Ƴaƴa da yawa sun rasu" ba ya taɓa zuciya, amma "har ta fara zama" yana taɓawa. Duba kuma ba a ce "ma'anar sunanka ita ce kaza" ba ko sau ɗaya. Yaron ya haɗa da kansa, mai karatu ma haka.

Game da harshe, ka ɗan ɗanɗana maganar Maraɗi a bakin tsohuwar: mi a maimakon me, kahin, mashi, ɗiya, bisa, ukku. Kamar gishiri, kaɗan. Bayanin marubuci kuma ya zauna a daidaitacciyar Hausa, don na Kano da na Damagaram su karanta ba tare da tuntuɓe ba.

Hattara ta farko: wani mai karatu zai ce ai wannan camfi ne, juji ba ya hana mutuwa. Gaskiyarsa. Kada labarin ya nuna cewa dabarar ce ta raya yaron, kada kuma ka tsaya kana yi wa tsohuwa fatawa. Layi ɗaya daga bakinta ya wadatar: "Malam ya yi mana faɗa daga baya, ya ce rai na Allah ne. Mun sani. Amma ranar nan ba abin da ba za mu yi ba." Darajar sunan a son da aka yi wa yaron take, kuma wannan ba wanda zai yi jayayya da shi.

Hattara ta biyu: akwai kwaɗayin jingina yaron da sarauta don a samo masa abin alfahari. A ƙasar nan kwaɗayin yana da ƙarfi, ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi a cikin gari, ga ta Gobir a Tsibiri nan kusa. Idan sunan da ka zaɓa Bawa ne, ba laifi mushe ko wani dattijo ya ambaci Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir na ƙarni na 18 da ya zauna a Alkalawa. Idan Korau ne, a tuna Muhammadu Korau na Katsina. Amma wannan ƙari ne a kan labarin gidan. Idan duk abin da yaron ya samu shi ne "wani sarki ma sunansa ke nan", aron riga ya yi, kuma ba a amsa shirun uwarsa ba. Kada kuma ka ƙago wani jarumi Ajuji da bai taɓa rayuwa ba ka ce ya yi yaƙi tare da Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi na da.

8. Komawa lakwal

Gajarta shi. Kusan duk rubutun da aka kawo mini ya ƙare da yaron ya miƙe gaban aji ya yi jawabi, kowa ya tafa, mai tsokana ya fashe da kuka ya nemi gafara. Ban taɓa ganin ajin da aka yi haka ba.

Abin da ya canza yaron ne, kuma a ƙaramin aiki za a gani. Ka koma wurin da ka fara, wato kiran suna. Mushe ya kai layi na bakwai, kukan akuya ya tashi daga baya kamar kullum, Ajuji ya amsa tun kafin a rufe baki, da ƙarfi. A waje Lawali ya ce, "Sarkin Shara!" Shi kuma ya ce, "Ni an kai ni juji an ɗauko ni da gudu. Kai da an kai ka, da kana can." Yara suka kwashe da dariya, wannan karon ba shi ake yi wa ba. Baƙar magana irin ta yara ta fi jawabi aiki, kuma ba sai ya tona asirin gidansu a filin makaranta ba.

Saura bashi ɗaya, na uwar. Layin ƙarshe nata ne. Da yamma ta kira daga madafa, ta fara furta sunan yankan da ya ce yana so, muryarta na sarƙewa. Ya leƙo ya ce, "Inna, Ajuji dai." A nan na ajiye bik. Kada ka ƙara "daga ranar ya gane cewa".

9. Gyara

Ajiye rubutun kwana biyu, sannan ka karanta shi da murya. Duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Duk inda ka ga "ya ji baƙin ciki" ko "ya yi alfahari", ka goge ka sa abin da hannunsa ko bakinsa ya yi.

Ka duba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don wayoyi da yawa suna cinye su. A wannan labari musamman, "ɗiya" idan ta rasa lanƙwasarta ta koma "diya", fage mafi nauyi ya lalace. Ka kuma zaɓi ƴ ko 'y ka tsaya a kan ɗaya. Mu a Nijar ƴ muka fi rubutawa.

Gwajin ƙarshe na mutum biyu ne. Karanta wa yaro ɗan shekara goma: idan bai yi dariya a wurin waƙar tsokana ba, tsokanar ba ta yi kama da tasu ba, sake ta. Sannan ka koma wurin tsohuwar da ta ba ka bayani ka karanta mata fagen kaka. Tawa ta tsayar da ni a tsakiya ta ce ba a barin jariri a ƙasa tsirara ko na ƙiftawar ido, a zane ake naɗe shi. A rubutuna na farko babu zanen, daga bakinta ya shiga.